Lissafin Shekarar 2024: Jawabin Kwamitin Gudanarwa na Haɗin Gwiwar 'Yan Albasa a Taron Kakaveli

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa abokan fatauci, barkanmu da wannan rana ta zagayowar shekarar ƙungiyarmu. Wasu sun taso daga Agowe Zango, wasu sun baro kayansu a Aflawo, akwai ma waɗanda suka kwana a mota daga Sinkase. Allah Ya saka da alheri.

Mu 'yan kwamitin gudanarwa an ba mu amanar littattafai, yau kuma ranar sauke ta ce. Za mu faɗi abin da ya shigo daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba 2024, da abin da ya fita, da rarar da ta saura, da yadda za a raba ta. Tun da farko muna roƙon haƙuri, domin kuɗin da ke cikin asusu bai kai rarar da ke rubuce ba, kuma za mu nuna inda bambancin yake.

Kafin lissafi, a cire kuɗi iri biyu daga zuciya. Na farko jarin mambobi. Mu sittin ne, kowa ya zuba sefa 100,000, ya kama 6,000,000. Wannan dukiyarku ce da aka ajiye don aiki, ba ta shiga kuɗin shiga. Na biyu kuɗin hayar mota. Idan mutum biyar sun haɗa kaya a babbar mota ɗaya daga Galmi, sukan kawo kuɗin haya biro, mu miƙa wa mai mota. Miliyoyi ne suke ratsa hannunmu ta nan, amma ko dala ɗaya ba ta zama tamu ba. Wanda ya ga jakar kuɗi na shiga biro ya ce ƙungiya ta yi arziki, ya tsaya ya ga fitarta da yamma.

Kuɗin shiga na gaskiya ƙofa uku ne. Babbar ƙofa ita ce kuɗin buhu, sefa 500 a kan kowane buhun albasa da ya sauka a mangazarmu. A cikin shekarar an sauke buhu 24,000, ya ba da 12,000,000. Ƙofa ta biyu kuɗin wata, sefa 2,000 a kan kowane mamba, wata goma sha biyu, mutum sittin, ya kama 1,440,000. Ta uku kuɗin ajiya na kayan da suka wuce mako ɗaya ba a kwashe ba, 1,560,000. Jimla sefa 15,000,000.

Wannan adadi na buhu 24,000 bai zo da sauƙi ba. Da kwamitin sa ido ya gwada littafin mangaza da kwafin takardun shaidar biya, sai littafin ya nuna 24,140. Bambancin buhu 140 ne, wato sefa 70,000 da ba a ga inda suka shiga ba. Aka bi rana rana, lambar mota bayan lambar mota, har aka gano mota ɗaya ce ta iso da tsakar dare a watan Afrilu. Mai gadi ya rubuta ta da dare, malamin mangaza ya sake rubuta ta da safe. Babu wanda ya ci kuɗi, amma da ba a gwada littattafan biyu ba, da zargi ya faɗa kan bawan Allah. Yanzu ba a shigar da mota a littafi sai da lambar takardar biya a gefenta.

Sai abin da aka kashe. Hayar mangaza da biro 250,000 ne kowane wata, 3,000,000 a shekara. Albashin malamin mangaza da masu gadi biyu 200,000 ne a wata, 2,400,000 a shekara, kuma babu wanda muke biya ƙasa da mafi ƙarancin albashi na Togo, wanda ya koma sefa 52,500 tun Janairun 2023. Wuta da ruwa da gyare-gyare da haraji sun ci 1,200,000.

Tafiye-tafiyen wakilinmu da takardun iyaka sun ci 1,900,000, kuma kowa a nan ya san dalili. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a ƙarshen Yulin 2023, albasar Nijar da ke zuwa mana ta koma bin hanyar Tera, Dori, Kaya, Wagadugu, kafin ta shigo Togo ta Sinkase. Hanya ce da ake jiran ayari da rakiyar soja, albasa kuwa ba ta san jira ba. Dole wakili ya zauna Sinkase kwana da kwanaki don kada mota ta ƙara kwana a duwan saboda takarda ɗaya.

Saura abu biyu. A ruwan watan Yuni rufin mangaza ya yi yoyo, buhu 50 suka ruɓe. Kayan suna hannunmu ne, don haka muka biya masu su 20,000 kowane buhu, 1,000,000 ke nan. Laifin namu ne, domin an nuna mana kwanon da ya yi tsatsa tun kafin damina muka jinkirta gyara. Abu na ƙarshe shi ne 500,000 na tsufan kaya. A 2023 mun sayi sikeli da katakon da ake jera buhu a kai kan 2,500,000, muka ƙiyasta za su yi shekara biyar. Kowace shekara muna rubuta kashi ɗaya cikin biyar a matsayin abin da aka kashe, ko da yake kuɗin bai bar asusu ba, don ranar da sikeli ya mutu a sami na sayen wani. Jimlar abin da aka kashe sefa 10,000,000.

A cire 10,000,000 daga 15,000,000, rarar shekara ta zama 5,000,000.

Ba duka ake rabawa ba, kuma ba kwamiti ne ya hana ba. Dokar OHADA ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa, wadda aka amince da ita a nan Lome ranar 15 ga Disamba 2010, ta wajabta ajiya iri biyu kafin a taɓa rara. Akwai ajiyar gaba ɗaya, akwai ta horo da ilimantar da mambobi. Kowace ɗaya ba za a zuba mata ƙasa da kashi 20 cikin 100 na rara ba, har sai ta kai yawan jarin da ke rubuce a tsarin ƙungiya. Jarinmu 6,000,000 ne, babu wadda ta kai can tukuna. Saboda haka 1,000,000 ya tafi ta farko, 1,000,000 ya tafi ta biyu. Abin rabo ya zama 3,000,000.

Ga maganar da muka ji ana yi a bakin mangaza: mu sittin ne, jarinmu ɗaya, a ba kowa 50,000 a huta. Mun ji, kuma lissafin raba 3,000,000 gida sittin daidai ne. Amma a tuna daga ina rarar ta fito. Kashi huɗu cikin biyar na kuɗin shiga daga sefa 500 na buhu yake. Rarar tana nufin an karɓi fiye da abin da aikin ya ci, sai a mayar wa kowa gwargwadon abin da ya biya. Haka doka ta tsara, haka tsarinmu ya ce a auna da yawan buhu. Ba kuɗin ruwa ba ne a kan jari, canjin kuɗinku ne ake mayar muku.

A raba 3,000,000 da buhu 24,000, kowane buhu ya sami sefa 125, dala ashirin da biyar a bakin kasuwa. Alhajin da ya sauke buhu 1,200 ya biya 600,000 a shekara, za a mayar masa 150,000. Wanda ya sauke 400 zai karɓi 50,000. Hajiyar da ta sauke 80 ta biya 40,000, za ta karɓi 10,000. Da an yi rabon kai da kai, da ta karɓi fiye da duk kuɗin buhun da ta biya, shi kuma mai buhu 1,200 badi ya nemi wata mangaza. Ranar da manyan masu kaya suka fita, hayar 250,000 a wata tana nan, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne za ta danne. Inda muke daidai shi ne wurin ƙuri'a. Mai buhu 80 da mai 1,200 kowa murya ɗaya gare shi a zauren nan.

Yanzu ga maganar da muka ce tana tafe. Rara 5,000,000, a ƙara 500,000 na tsufan kaya da bai fita ba, ya kamata asusu ya ƙaru da 5,500,000. Takardar banki da abin da ke akwatin biro sun nuna ƙarin 4,400,000 kawai. Giɓin 1,100,000 bashi ne a kan mambobi tara, kuɗin buhu da na wata da aka rubuta amma ba a kawo ba. Ba za mu kira suna a bainar jama'a ba. Kowa ya san kansa, kuma wasunsu kayansu ne suka lalace a hanya.

Shawararmu ita ce a cire bashi daga rabo. Mutum taran nan sun sauke buhu 3,200 a tsakaninsu, rabonsu 400,000, kuma kowanensu bashinsa ya fi rabonsa. Idan an riƙe wannan, kuɗin da za a ba sauran mambobi 51 a hannu 2,600,000 ne, asusu ya rage da 1,800,000 na ƙarin bana. Ajiya biyu da kuɗin tsufan kaya suna buƙatar 2,500,000. Ke nan sauran bashin 700,000 rami ne a cikin ajiyarmu. A takarda ajiyar ta cika, a banki ba ta cika ba. Idan rufi ya sake yoyo kafin a biya, a nan za mu ji jiki.

Don haka abu uku muke nema ku kaɗa wa ƙuri'a yau. Na farko, ku amince da lissafin kamar yadda kwamitin sa ido ya duba ya sa hannu. Na biyu, ku amince da sefa 125 a kan buhu, tare da cire bashi daga rabon mai bashi. Na uku, a ba masu sauran bashi wa'adin wata uku su biya kashi uku, wanda bai biya ba kayansa ba za su fita mangaza ba sai ya biya kuɗin buhu nan take.

An liƙa takardar rabo a ƙofar biro, kowa da lambarsa da yawan buhunsa wata wata. Kowa ya zo da takardun biyansa ya gwada. Wanda ya ga buhunsa ya ragu ya faɗa cikin mako biyu, kafin a fara biya, domin ƙarin buhu ga mutum ɗaya yana taɓa rabon kowa, kuma bayan kuɗi ya fita gyara ya yi wuya. Littattafai huɗu suna kan teburin nan, na mangaza, na biro, na bashi da na banki. Duk mamban da ke son buɗe su ya matso bayan sallar la'asar, malamin mangaza zai zauna da shi.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya dawo da direbobinmu lafiya, Ya sa albarka a cinikin bana.