Sabis ba ya da ƙarfi: abubuwa huɗu da muke haɗawa a magana ɗaya

Laccar da aka gabatar wa ɗalibai masu koyon kwamfuta da masu shagunan intanet a Tarauni, Kano

 

Daga Kotu Rod a Gyadi-Gyadi har kasuwar waya ta Fam Santa, idan intanet ta ba mutum haushi, magana ɗaya yake yi: sabis ba ya da ƙarfi. Wanda bidiyonsa ya ƙi sauka haka zai ce, mai POS da na'urarsa ta tsaya tana juyi haka zai ce, haka ma wadda muryar ɗanta ke yankewa a kiran WhatsApp daga Saudiyya. Alhali cututtuka daban-daban ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Saboda rashin bambance su ne mutum zai ƙara kuɗi ya sayi babban tsari, ya dawo gida ya tarar matsalarsa tana nan daram. Abubuwan huɗu ne: faɗin hanya, abin da ke isowa a zahiri, jinkiri, da tangal-tangal ɗin jinkirin. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya da misalin bututun ruwa, tunda babu Bakanon da sai an koya masa sha'anin famfo da jarka.

Mu fara da faɗin hanya. Mu ƙaddara an ja maka bututu zuwa gida, wanda idan ya cika taf yana iya zubo lita 25 a minti ɗaya, wato jarkar 'yan garuwa guda a kowane minti. Wannan shi ne iyakar abin da bututun zai iya ɗauka, ko da kuwa matatar Tamburawa gaba ɗaya ce a bayansa. A intanet ana auna wannan iyaka da Mbps, ma'ana bit miliyan nawa ke iya wucewa a daƙiƙa ɗaya. Shi ne adadin da kamfani ke bugawa a takardar talla.

A nan akwai inda masu koyo ke tuntuɓe. Ana auna hanya da bit, amma ana auna girman fayil da bayit, kuma bayit ɗaya bit 8 ne. Don haka layin 20 Mbps ba MB 20 yake saukewa a daƙiƙa ba. Raba 20 da 8, ka sami MB 2.5. Idan mai shago a Gyadi-Gyadi yana da irin wannan layi, yana son sauke fayil mai MB 500, lissafinsa shi ne 500 a raba da 2.5, wato daƙiƙa 200, minti 3 da daƙiƙa 20. Wannan shi ne mafi saurin da zai taɓa samu a layin, a ranar da komai ya tafi daidai.

Na biyu shi ne abin da ke isowa a zahiri. Ka tara jarkarka a bakin famfon nan mai iya kawo lita 25 a minti, sai ka ga ta ɗauki minti 5 kafin ta cika. Bututun bai tsuke ba, yana nan yadda yake, amma lita 5 kawai kake samu a minti. Wataƙila duk layinku an buɗe famfo lokaci guda, ko bututun ya fashe a hanya, ko kuma akwai wani guntu siriri a tsakiya wanda duk ruwan sai ya bi ta cikinsa.

Waɗannan dalilai uku su ne dai a intanet. Ƙarfen sabis ɗin unguwa rabawa yake yi tsakanin duk wayoyin da ke kansa, shi ya sa abin da kake samu da asuba ya fi na bayan isha'i, lokacin da kowa ya koma gida ya buɗe bidiyo. Yoyo kuma shi ne ɓatan fakiti: bayanai a ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, duk ƙunshin da ya ɓace sai an sake aiko shi, mai aikowar kuma yakan rage gudu da kansa idan ya ga ana ɓata. Guntun siririn kuwa yana iya zama tsohuwar rautarka, ko bangon siminti biyu da ke tsakaninka da ita, ko ita kanta kwamfutar da kake ɗauko fayil ɗin daga gare ta. Idan mai shagonmu ya gwada da dare ya ga 4 Mbps, to rabin MB yake samu a daƙiƙa, fayil ɗin nan zai ci daƙiƙa 1000, minti 16 da daƙiƙa 40. Ku lura, lambar da manhajar gwajin gudu ke nuna muku a ƙarƙashin Download, wannan ce, ta wannan lokacin da wannan wurin. Gwaji ɗaya ba ya isa hukunci.

Na uku shi ne jinkiri, kuma shi ne wanda aka fi jahilta. Ɗauka bututun babu kome a cikinsa, aka buɗe ruwa daga can tushe. Tsawon lokacin da ɗigon farko zai ɗauka kafin ya iso bakin famfonka, shi ne jinkiri. Faɗin bututu ba shi da hannu a nan. Tsawonsa ne ke magana, da yawan mahaɗun da ruwan zai ratsa. Ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wanda ake rubutawa ms, kuma yawanci zuwa da dawowa ake ƙirgawa.

Jinkiri yana da ƙasan da kuɗi ba ya sauke shi. Haske a cikin zaren gilashin faiba yana tafiyar kusan kilomita 200 a kowace milisakan. Kano zuwa Legas, bisa hanya, wajen kilomita 1000 ne, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 10 ba, tun kafin a ƙara tsaye-tsayen na'urorin da ke tsakani. Idan shafin da kake nema yana Ingila, sai saƙon ya bi wayar ƙarƙashin teku. Glo-1, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta ya kusa kilomita 10,000, wato ƙarin kusan milisakan 100. Tauraron ɗan'adam irin na da, wanda ke tsaye a kilomita 35,786 sama da ƙasa, sai saƙo ya hau ya sauka, amsa ma ta hau ta sauka, shi ya sa ake ganin wajen milisakan 600. Taurarin Starlink, da suka fara aiki a Najeriya a 2023, suna 'yan ɗaruruwan kilomita ne kawai sama da ƙasa, kuma kusancin nan shi ya rage musu jinkiri ƙwarai.

Wa jinkiri ke cutarwa? Mai sauke fayil ɗin MB 500 da ƙyar zai lura da rabin daƙiƙa a farkon aikin minti uku. Amma aikin da ke buƙatar tambaya da amsa, kamar buɗe shafin banki ko cirar kuɗi a POS, bayanansa kaɗan ne, kai-da-kawonsa ne mai yawa. Mu ce sau goma za a je a dawo. A kan milisakan 30, kashi uku cikin goma na daƙiƙa ya wadatar. A kan milisakan 600, daƙiƙa 6 ke nan kana tsaye, ko da layinka 100 Mbps ne. A maganar baki kuwa, shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa muddin jinkirin zuwa kaɗai bai haura milisakan 150 ba, hira tana tafiya lafiya. Idan ya yi nisa da haka, sai ka ga mutum biyu suna ta cin karo da maganar juna. Da yawanku kun tuna 14 ga Maris, 2024, ranar da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Aka karkatar da bayanai ta hanyoyin da suka rage, waɗanda suka cika maƙil, wasu kuma zagaye ne. Ranar, abin da ke isowa ya ragu, jira ya ƙaru, alhali babu abin da ya sami wayar kowa a Tarauni.

Na huɗu shi ne tangal-tangal, wanda za ku gani an rubuta Jitter a allon gwaji. Kun san famfon da iska ta shiga: ya yi tari, ya feso da ƙarfi, ya ɗauke, ya sake fesowa. Jarka za ta cika a lokacin da ta saba, amma gwada yin alwala a bakinsa. Ga layi biyu da aka gwada sau biyar-biyar. Na farko ya ba da 80, 82, 79, 81, 78. Na biyu ya ba da 30, 150, 40, 140, 40. Ku tara ku raba, kowanne matsakaicinsa milisakan 80 ne. Amma tazarar da ke tsakanin gwaji da mai bi masa a layin farko 2 ce ko 3, a na biyu kuwa ba ta gaza 100 ba.

Kiran murya bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na Mbps ɗaya ba, amma galibi yana aika ƙunshi a kowace milisakan 20, kuma yana son su iso a jere a kan kari. Wayarka tana ɗan tara su kafin ta sake maka sautin, kamar yadda tankin sama ke karɓar ruwan da ke zuwa da tari ya sako shi sumul. Sai dai tankin kira ƙarami ne dole, domin duk abin da aka tara jira ne aka ƙara. Ƙunshin da ya makara fiye da abin da tankin zai jure, zubar da shi ake yi, shi ne kake jin murya ta yanke ko ta koma kamar ta ƙarfe. YouTube kuwa yana tara daƙiƙoƙi masu yawa a gaba, don haka zai yi ta tafiya lafiya a layin da kira ya gagara.

Ga yadda za ku gane wanne ke damun ku. A kwamfuta mai Windows, buɗe Command Prompt ka fara gwada rautarka, sannan wani wuri a waje:

```
ping -n 20 192.168.1.1
ping -n 20 8.8.8.8
```

Adireshin farko shi ne na rauta da yawa, amma duba naka a jikinta. Kalli lambar da ke bayan time= a kowane layi, da adadin Lost a ƙarshe. Rautar da ke ɗaki ɗaya da kai ya kamata ta amsa cikin 'yan milisakan kaɗan. Idan tun a nan lambobin suna tsalle ko ana ɓata, matsalar a cikin shagonka take: matso kusa, ko ka haɗa da waya. Idan gida lafiya lau, na waje kuma yana da yawa amma a tsaye yake, nisa ne, ƙarin kuɗin data ba zai taɓa shi ba. Sai gwaji na ƙarshe: sake buga umarnin na biyu da -t a madadin -n 20, ka bar shi yana tafiya, ka sa wani ya fara ɗora babban bidiyo. Idan lambar da take kamar 40 ta koma ɗaruruwa, layinka ne ya cika har fakiti suka yi jerin gwano suna jiran wuri. A wannan hali ƙarin faɗin hanya yana taimakawa, haka ma taƙaita masu ɗora manyan abubuwa a lokacin da ake kira ko hada-hadar kuɗi.

Roƙona gare ku, musamman masu gyara da masu sayar da rauta, kada ku ce wa mai saye ya ƙara tsari sai kun yi waɗannan gwaje-gwaje da safe da kuma dare, kun rubuta lambobin. Da su za ku san ko rauta za a matsar, ko layi za a ƙara, ko kamfani za a kai wa ƙorafi da hujja a hannu.