Rahoton Aiki Mai Tsawo: Inda Ake Jera Magana Da Inda Ake Sakin Layi

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwarmu ya gabatar wa sakatarori da ma'ajin kwamitoci a taron ƙungiya, Potiskum, Jihar Yobe)

 

Ni ba ɗan boko ba ne, kun sani. Karatuna na allo ne da Islamiyya, sauran kuwa a cikin kara na koye shi. Amma na daɗe ana karanta mini rahoton kwamiti, na kuma daɗe ina sa hannu a kansa. Don haka aka ce in yi magana kan yadda za a tsara rahoton aiki mai tsawo, ta yadda mutum zai yi masa kallo ɗaya ya kama abin da ake nufi.

To, da farko mu tambayi kanmu, wa ke karanta rahoton nan? Ranar Laraba, ranar da kasuwar shanu ke ci, mutuminmu yana tsakanin mai saye da mai sayarwa, 'yan lodi na kiransa, direban tirela na jiran sallama. Wani kuma ya bi kaya, yana Agege a Legas, ko yana Ibadan ko Anacha, a waya takardar za ta same shi. Irin wannan mutum minti biyu zai ba ka. In bai ga abin da kake so a cikin minti biyun ba, ya ninke takarda ke nan, sai wata Larabar.

Bari in ba ku abin da ya faru da mu. Wata shekara mun kafa kwamitin haƙa rijiyar burtsatse da gina kwamin shayar da dabbobi. Sakatarenmu yaro ne mai ƙwazo da amana. Ya rubuto rahoto shafi huɗu, ba kan magana, ba sakin layi, kamar an zuba gero a tabarma. Ya faro tun daga ranar da aka zaɓi kwamiti, da wanda ya yi addu'a, da zuwa wurin mai haƙa, da dawowa. Maganar da ta fi kome, wato kuɗi sun kasa, kowa sai ya ƙaro wani abu kafin ƙarshen wata, tana can tsakiyar shafi na uku. Mutanenmu na kudu suka karanta shafin farko, suka ce madalla, aiki na tafiya. Ba wanda ya aiko da ko kwabo. Magini ya kwashe kayansa ya kama wani aikin, muka ci gaba da sayen ruwa a hannun 'yan garuwa har rani ya wuce.

Da aka yi masa faɗa, sai ya koma ɗaya gefen. Rahoto na biyu ya zo duk ɗigo-ɗigo, kamar haka:

- Ruwa bai isa ba
- Mai haƙa ya dawo
- An ƙara kuɗi
- Tanki

Wallahi wannan ya fi na farko ɓarna. Wa ya ƙara kuɗin? Nawa? Don me? Tankin an saya ne, ko za a saya? Kafin la'asar magana ta zaga rumfuna cewa kwamiti ya haɗa baki da mai haƙa. Alhali ba wanda ya ci sisi. Dalilin ne aka yanke aka yar wajen taƙaitawa.

Daga nan na fahimci abu guda, shi ne kuma jigon maganata yau. Jeri na ɗigo-ɗigo, na abubuwan da suke jinsi ɗaya ne, waɗanda kowane zai iya tsayawa da ƙafarsa: kuɗi, kaya, ranaku, ayyuka. Dalili kuwa ba ya jeruwa. Duk maganar da ke bukatar "saboda", ko "amma", ko "don haka", gajeren sakin layi take so, domin waɗannan kalmomi su ne igiyar da ta ɗaure ta. Ka tsinka igiya, kowace saniya ta kama gabanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya karanta Ahalari ya san yadda malam yake buɗe fasali, ya ce farillan alwala bakwai ne, sa'an nan ya lissafo su. Ya faɗi adadi tukuna, don in ka ƙirga shida ka san ɗaya ta ɓace maka. Kuma bai cusa sunna a cikin farilla ba, kowace da wurinta. In an zo mas'ala mai sharaɗi kuwa, sai ya yi bayani da cikakkiyar magana. To, haka rahoto yake.

Yanzu ga yadda muka sake rubuta wancan rahoto. Na daidaita lambobin don lissafi ya yi sauƙi, misali ne kawai.

Abu na farko, kan takarda. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Layi uku ko huɗu na farko su ɗauki labarin duka: ina aka kwana, me ake so, daga wa, zuwa yaushe. Muka rubuta:

"An gama haƙa rijiya, ruwa ya samu, an ɗaura famfo. Saura tanki da kwami biyu. Kuɗin hannu sun kasa da N1,200,000. Ana roƙon kowane ɗaya daga cikinmu, mu 60, ya kawo N20,000 ga ma'aji kafin Larabar ƙarshen wata."

Kun ga wanda ya tsaya nan ma ya san abin da ke kansa. Ku lura, wannan ba a jera shi ba, cikakkiyar magana ce.

Abu na biyu, kuɗi. Nan ne gidan jeri. A sa kan magana, a faɗi jimla, sa'an nan a jero:

An tara N6,400,000. An kashe N4,900,000 a wuri 3:

- Haƙa da bututu: N2,800,000
- Famfo da faifan sola: N1,500,000
- Bulo, siminti da ladan magini: N600,000

Saura a hannun ma'aji N1,500,000. Abin da ya rage a yi guda 2 ne, kuɗinsu N2,700,000:

- Tanki da ƙafarsa: N1,900,000
- Kwami biyu: N800,000

Ku duba, kowane layi siffarsa ɗaya: sunan abu, sa'an nan kuɗinsa. Ido na gangarowa ba tuntuɓe. Ɗan kasuwa kuma da kansa zai haɗa, ya ga 2,700,000 a cire 1,500,000 saura 1,200,000, ya ga ta yi daidai da abin da aka faɗa a sama. In bai yi daidai ba, kada takardar nan ta fita. Kada kuma a haɗa abin da aka kashe da abin da za a kashe a jeri guda. Wanda ya sayar da sa ba ya lissafa bashi a cikin kuɗin da ke aljihunsa.

Abu na uku, dalili. Nan muka ajiye ɗigo, muka yi sakin layi:

"Kuɗin haƙa sun haura abin da aka yi ciniki da farko, saboda a zurfin da aka yi alkawari ruwan da aka samu kaɗan ne, ba zai shayar da garke ba. Kwamiti ya zauna ya yarda a ƙara zurfi, don haka aka ƙara bututu da ladan mai haƙa. Rasit yana wurin ma'aji ga mai son gani."

Jimla uku ce kawai, amma ita ta kashe zargin nan. Ƙa'idar sakin layi ita ce magana ɗaya a cikinsa, jimlar farko kuma ta faɗi maganar. Wanda ke sauri ya karanta jimlar farko ya wuce, wanda ke da shakka ya ƙarasa. In ka ga kana cewa "haka kuma" ka shiga wata magana daban, to saki layi. A takarda kada ya wuce layi biyar ko shida. Ku tuna, abin da ya ci layi biyar a takarda zai iya cika fuskar waya.

Abu na huɗu, ayyukan da ke gaba. Waɗannan a sa musu lamba, ba ɗigo ba, domin wani na bin wani, kuma a taro mutum zai iya cewa "ina da magana kan na biyu". Kowane layi ya ɗauki aiki, da mai yi, da rana:

1. Karɓar gudummawa: ma'aji, zuwa Larabar ƙarshen wata.
2. Sayen tanki: shugaban kwamiti da mutum biyu, mako guda bayan haka.
3. Ginin kwami: magini, kwana 10 bayan an kafa tanki.

Layin da ba shi da mai yi, ba wanda zai yi shi. "Za a duba" ba aiki ba ne.

Sauran labari, na wa ya je ina da wa ya yi addu'a, ba a hana ba. A kai shi ƙarshe a ƙarƙashin kansa, mai lokaci ya karanta. Godiya ga waɗanda suka taimaka kuwa haƙƙi ce, a yi ta, amma kada ta danne bukata.

Akwai kurakurai da nake yawan gani. Wani zai jero abu 15 a jeri ɗaya. In jeri ya wuce shida ko bakwai, ido ya gaji, sai a raba shi gida-gida kamar yadda ake ware bijimai da shanun tatsa a turke. Wani kuma zai yi ɗigo a ƙarƙashin ɗigo a ƙarƙashin wani ɗigon, har ka rasa uwa ka rasa 'ya. Wani ya ja layi a ƙarƙashin kowace kalma. In kowa na ihu a kasuwa, muryar wa za a ji? A ja layi a wuri biyu kawai: kuɗin da ake nema da ranar da ake so. Mafi muni shi ne a ɓoye mummunan labari a ɗigo na tara. In an yi asara, ta hau sama, a faɗe ta da baki cikakke. Mutane na yafe asara, amma ba su yafe ɓoyo.

Ta yaya za ka san rahotonka ya yi? Ga gwajin da nake yi. Kafin a buga, ka nemi wani wanda ba ya cikin kwamiti, ka ba shi takarda ya duba na minti biyu, ka karɓe. Sai ka tambaye shi abu uku: ina aiki ya tsaya, me ake so ya yi, kuma yaushe? In ya amsa, an gama. In ya yi shiru, laifin takarda ne, ba nasa ba. Sa'an nan ka karanta ta da ƙarfi, domin da yawa daga cikin iyayenmu karanta musu ake yi, kunne kuwa ba ya ganin ɗigo. Shi ya sa nake nanata a faɗi adadi kafin jeri: "wuri uku ne, na ɗaya kaza".

Da muka aika da wannan rahoto na uku, shafi ɗaya da rabi, kuɗi suka shigo kafin ranar da aka sa. Mutanen su ne dai na da, aljihunsu bai canja ba. Abin da ake so ne suka gani.

'Ya'yana sakatarori, dukiyar jama'a amana ce, bayaninta ma amana ne. Wanda ke da rahoto a hannu yanzu, ya kawo mini rumfa ranar Alhamis bayan an watse kasuwa, mu duba tare. In na yi kuskure a gafarce ni. Allah Ya sa albarka a kasuwarmu, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya.