Saƙon Murya Ko Rubutu: Wanne Ya Dace?



An nemi in yi 'yar magana a kan saƙon murya, tun da yake yanzu da shi muke yawancin zumuncinmu, daga Gusau zuwa Tsafe da Bunguɗu, har ƙauyuka irin su Ruwan Bore. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamanmu za su tuna zamanin da mai zama Makka kan ɗauki maganarsa a kaset ya aiko wa iyali. Manhajar WhatsApp ta shigo da saƙon murya a 2013, ta mai da kaset ɗin cikin aljihu.

Ga yadda ake yi. Ka danna alamar makirfo ka riƙe, ka yi magana, in ka saki ya tafi. In ka fasa, ka ja yatsa hagu. Amma shawarata ita ce ka ja yatsa sama ka kulle ɗaukar, domin ta haka kana iya dakatawa, ka saurari kanka kafin ka tura. Alamar agogo na nufin saƙon bai bar wayarka ba, abin da ke yawan faruwa inda sabis ke da rauni, domin minti ɗaya na murya ya ninka layin rubutu nauyi sau da yawa.

A 2021 aka ƙara maɓallin sauri. Idan saƙo yana tafiya za ka ga 1x. In ka taɓa ya koma 1.5x, in ka sake ya koma 2x. Saƙon minti huɗu a 2x sai ya ƙare cikin minti biyu. Wannan ya yi daidai da doguwar gaisuwa, amma harshenmu yana da sharaɗi. Abin da ya raba garin da muke zaune da garin tuwo shi ne jan wasali, kuma sauri yana taƙaita wannan jan. Saboda haka da an zo kan kuɗi, ko rana, ko magani, a komo 1x.

Bari in ba da misali. A ce ma'ajinmu zai sanar da gudummawar naira dubu goma sha biyar. In ya faɗa da baki, mai saurare a 2x cikin hayaniyar tasha yana iya jin "sha biyu". Lambar asusun banki kuwa alƙaluma goma ce, sai mutum ya yi ta maimaita saƙon yana rubutawa, kuskuren ɗaya kuma ya isa ya ɓata aikin. Bayan mako guda, in ya nemi saƙon, akwatin bincike ba zai tono masa abin da aka faɗa da baki ba. Abin da ya dace shi ne ma'aji ya yi rabin minti yana bayanin dalilin gudummawar da murya, sa'an nan ya rubuta 15,000 da lambar asusu da ranar rufewa a ƙasa.

To, ina murya ta fi? Ta fi idan mai karɓa bai yi boko ba, kamar dattijon da ke kula maka da gona a ƙauye. Ta fi wajen ta'aziyya da ban haƙuri, inda busasshen rubutu kan yi kama da faɗa. Ta kuma fi idan wayar ba ta da haruffa masu ƙugiya, inda "baƙi" kan koma "baki".

Batu na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Dukanmu mun san halin tsaron da ya sa aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021. Saƙon gargaɗi da aka tura daga waya zuwa waya yana nuna lokacin da ya iso ne kurum, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Ta haka maganar bara kan dawo ta hana mutane cin kasuwa bana. Don haka mai gargaɗi ya fara da faɗin rana da wuri, mu kuma kada mu tura wanda babu su. A tuna kuma cewa murya shaida ce, duk wanda ya san ka zai gane ta, kuma magana zarar bunu ce. Kada a ambaci sunan mai tafiya da hanyar da zai bi a zauren mutane da yawa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya bar zumunci.