Waya a Kulle, Saƙo a Fili



Kusan duk wanda ke zauren nan ya sa wa wayarsa lambar sirri ko zane ko ɗan yatsa, kuma yana kwana da tunanin ya gama tsare ta. To ƙofa dai an kulle, amma taga a buɗe take. Tagar ita ce fuskar wayar idan tana kulle. Saƙo na shigowa sai ta yi haske, ta nuna wanda ya aiko da layi ɗaya ko biyu na abin da ya rubuta, ba tare da ta tambayi wanda ke kallo ko shi wane ne ba. A wayoyin Android wannan tsari ya zo da Android 5.0 a shekarar 2014, kuma tun a lokacin aka haɗa shi da zaɓin ɓoye abin da saƙon ya ƙunsa. Zaɓin yana nan har yau, neman sa ne ba mu yi.

Layi biyu ai ba komai ba ne, in ji wani. Ku duba alat ɗin banki na ƙarshe da ya shigo muku. Gajeren saƙo ne, amma a cikinsa akwai kuɗin da suka shiga ko suka fita, da wani ɓangare na lambar asusu, sannan galibi akwai abin da ya rage a asusun. Wanda ka ce wa ba ka da ko sisi da safe, da rana zai karanta ragowar kuɗinka a kan tabarma yayin da ka tafi alwala. Wannan abin kunya ne kawai. Abin da ya fi shi muni shi ne lambar tabbatarwa, wadda ake aikowa ta tes a yi amfani da ita sau ɗaya.

Bari mu bi misali guda daki-daki. A ce wani ɗan kasuwa ba a kawo musu wuta ba, ya kai wayarsa wurin mai caji, aka jera ta a kan tebur cikin sauran wayoyi, fuska sama. Wani da ya san lambarsa yana zaune a gefe. Sai ya ɗauki tasa wayar, ya buɗe sabon WhatsApp, ya rubuta lambar ɗan kasuwar a matsayin tasa. WhatsApp zai aika lamba mai alƙaluma shida ta tes zuwa layin mai lambar, don ya tabbatar shi ne. Wayar da ke kan tebur ta yi haske, alƙaluman shida suka bayyana. Mutumin bai taɓa wayar ba, leƙawa kawai ya yi, ya kwafe. Nan take asusun ya koma hannunsa, aka fitar da mai shi. Tsoffin hirarraki ba za su bi shi ba, domin suna cikin wayar mai ita, amma zaurukan da ɗan kasuwar yake ciki za su bayyana, kuma da sunansa da hotonsa za a fara aika wa jama'a cewa a ranta masa dubu ashirin zuwa gobe. Alamar da mai wayar zai gani in ya karɓo ta ita ce saƙon lambar da bai nema ba, da kuma WhatsApp yana ce masa ya sake yin rajista.

Gyaran ba ya cin minti biyu. Masu iPhone su shiga Settings, sai Notifications, sai Show Previews. Za su ga zaɓi uku: Always, When Unlocked, Never. Na tsakiyar nake ba da shawara, domin yana ɓoye saƙon har sai wayar ta gane fuskarka ko yatsanka. Na ƙarshen ya yi tsanani, ko kana riƙe da wayar a buɗe rubutun saƙon ba zai bayyana da kansa ba, kuma mutum kan gaji ya mayar da komai yadda yake.

Masu Android kuwa sai haƙuri, don kowane kamfani da inda ya ajiye nasa. A Samsung ana shiga Settings, Notifications, Lock screen notifications, a zaɓi Hide content. A Pixel akwai maɓalli mai suna Sensitive notifications, shi ake kashewa. Masu Tecno da Infinix da itel, waɗanda na san su ne mafi yawa a nan, hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe Settings, a rubuta lock screen a wurin bincike da ke sama, a nemi zaɓin da ke cewa Hide sensitive content ko makamancinsa. Sharaɗi ɗaya ne: dole wayar ta kasance da lambar sirri ko zane. Wayar da ake buɗewa da shafa kawai ba ta da wani kulle da za a ɓoye abu a bayansa.

A nan ne nake son ku ba ni hankalinku. A Android, galibi ba wayar ce ke karanta saƙo ta yanke hukuncin cewa sirri ne ba. Wanda ya rubuta manhajar ne ke sa wa kowace sanarwa matsayi: ta fili, ko ta sirri, ko wadda ba za ta fito a kulle ba sam. Idan ya ce ta fili ce, za ta fito ɓaro-ɓaro ko da ka zaɓi ɓoyewa. Don mai kunna waƙa ko agogon ƙararrawa wannan daidai ne. Amma yana nufin bai kamata ka yarda da saitin ba sai ka gwada shi. Kulle wayar, ka ajiye ta nesa da fuskarka, ka ce wa na kusa da kai ya turo maka tes, sannan ya turo ta WhatsApp. Leƙa daga gefe kamar baƙo. In sunan manhajar kawai ka gani, aiki ya yi. In ka ga rubutun, ko sunan wanda ba ka son a gani, shiga saitin sanarwar wannan manhajar ita kaɗai ka hana ta fitowa a fuskar kulle baki ɗaya. Kuma kada ka ɓata lokaci kan manhajar banki ka manta da Messages, domin alat da lambobin tabbatarwa ta tes suke zuwa.

Nisanta wayar daga fuska da na ce ba wasa ba ne. Waya mai gane fuska tana buɗe saƙon da zarar ka kalle ta, sai ka ɗauka saitin bai yi aiki ba. Haka kuma a cikin A Daidaita Sahu, in ka kalle ta, na kusa da kai ma ya gani.

Saura iyakar abin. WhatsApp yana iya kiran layin ya karanto lambar da murya, kuma ana amsa kira ko waya tana kulle. Maganin wannan yana cikin WhatsApp ɗin kansa: Settings, Account, Two-step verification, ka sa wata lamba mai alƙaluma shida wadda kai kaɗai ka sani. Sannan ɓarawon da ya ɗauke wayar gaba ɗaya ba ruwansa da fuskarta. Zare sim zai yi ya sa a ƙaramar waya, duk tes ɗinka ya riƙa zuwa masa. Don haka sim ɗin ma a sa masa tasa lambar, a ƙarƙashin SIM PIN a iPhone, ko SIM card lock a yawancin Android. Zai fara tambayar lambar da sim ɗin ya zo da ita. In ba ka san ta ba, tambayi kamfanin layinka, kada ka yi ta canki-canki, domin kuskure uku yana rufe sim ɗin sai da lambar PUK mai alƙaluma takwas, ita kuma in aka kuskure ta sau goma, sai dai ka je ofishinsu a yi maka sabon sim.

Shugaban taro ya ɗaga mini hannu. Wanda wayarsa ta ƙi nuna masa wurin saitin, ya same ni a bakin ƙofa bayan tambayoyi mu duba tare.