Kashe Wuta Ba Shi Ne Raba Inji Da Wuta Ba: Yadda Za A Mayar Da Allon Gargaɗin Lantarki Zuwa Hausa



Yawancin kayan lantarkin da ke aiki a Maraɗi da kewayenta ta hanyar Katsina da Jibiya suke shigowa daga kasuwannin Kano, kuma allunan gargaɗin da ke manne a jikinsu da Ingilishi aka rubuta su. Shi kuwa mai gyaran, in ya yi makaranta Faransanci ya karanta, yaron da ke riƙe masa tsani kuma wataƙila makarantar allo kaɗai ya yi. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, saboda haka za a ƙara neman mu fassara irin waɗannan alluna. Allo ɗaya na ɗauka, wanda ake liƙawa a murfin akwatin famfo.

A ce akwatin famfon rijiyar burtsatse ne a filin noman rani na Jiratawa, mai wayoyin wuta uku, ƙarfin bolt 380. Ingilishin da ke jikinsa gajere ne, umarni uku ne da gargaɗi ɗaya. In aka bi shi kalma bayan kalma, ga abin da ke fitowa: "Keɓe kafin buɗewa. Kulle ka sa alama. Tabbatar ya mutu. Wannan na'ura tana da tushe fiye da ɗaya." Kalmomin duk Hausa ne, amma ba jimlar da za ta tsare hannun mutum. Keɓewa dai mun san ta a kan mai cutar da ake gudun ta yaɗu. Inji kuwa in ya mutu, lalacewa ya yi, kuma ai don ya lalace aka kira mai gyara. Sai ya karanta, ya ce to ya mutu mana, ya zura hannu.

Mai fassara da ya ga haka yakan gudu zuwa "kashe wuta", kuma nan ne babban haɗarin. Kashewa danna maɓalli ne. Jan maɓallin da ke gaban akwati yana tsayar da famfo, amma wutar tana nan kwance a bakin wayoyin da ke ciki, kuma in famfon mai tayar da kansa ne, da ruwan tanki ya yi ƙasa zai tashi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Abin da injiniya yake nufi shi ne a yanke hanyar wutar daga inda take shigowa, a babban makunni, a kuma hana kowa mayar da ita. Wannan aiki ne na hannu, saboda haka da aikatau na hannu ya kamata a faɗe shi: sauke, sa kwaɗo, riƙe makulli.

Akwai jimlar da ba ta cikin Ingilishin, amma ina ganin dole a ƙara ta a namu allon. Wutar Maraɗi tana zuwa ne ta layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka yanke ta a watan Agusta na 2023, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Mutanen da suka saba da ɗaukewar wuta sun saba da yin gyara a cikin ɗaukewar. "Ba wuta" a bakin ma'aikaci yana iya nufin ya sauke makunni, yana iya nufin Nijelek ce ta ɗauke, alhali wanda ya ɗauke ba ya sallama kafin ya maido. Wannan ƙarancin ne kuma ya sa mutane suka ƙara janareta da faifan sola a kan famfo ɗaya. Faifan sola ba shi da maɓallin kashewa: muddin rana na kansa yana ba da wuta, kuma in an jera fayafai da yawa a layi ɗaya, ƙarfin yana kai ɗaruruwan bolt. Shi ya sa "tushe fiye da ɗaya" bai isa ba. A ambaci kowace hanya da sunanta.

Ga yadda nake ba da shawarar allon ya kasance:

"HAƊARI: WUTAR CIKIN AKWATIN NAN TANA KISA. Kada ka buɗe don an ɗauke wuta, ana iya maido ta kowane lokaci. Wuta na shigowa nan ta hanya uku: Nijelek, janareta, sola. Sauke makunnin kowace ɗaya. Sa kwaɗonka a kan kowanne, makulli ya zauna a aljihunka. Rataya takarda mai sunanka da lambar wayarka. Jira minti 10. Gwada da abin gwaji kafin ka taɓa."

Ya fi na Ingilishin tsawo, kuma ban ga laifin haka ba, domin wancan an rubuta shi ne don mutumin da ya riga ya yi horo. "Kwaɗonka" na ce, da gangan. In mutum uku ne a kan aikin, kwaɗo uku za a sa, kowa da nasa, ta ƙarfen nan mai huji da yawa da ake maƙalawa a hannun makunni, ta yadda wutar ba za ta dawo ba sai na ƙarshe ya cire nasa. Kwaɗon ofis da makullinsa ke rataye a ƙusa bai tsare kowa ba, musamman a wurin da manomi ke tsaye yana jiran a ba shi ruwansa.

Minti 10 ɗin kuwa misali na kawo. Akwatin da ke juya wutar sola ko daidaita gudun famfo yana riƙe caji a cikinsa bayan an yanke shi, kuma kamfanin da ya ƙera shi ne ke rubuta tsawon jiran. Mai fassara ya kwafe wannan adadin yadda yake, da lamba, kada ya mayar da shi "ɗan lokaci".

Jimlar ƙarshe ita ce allo ba zai iya ɗauke ta shi kaɗai ba, sai da koyarwa. Sukudireban nan mai ɗan ƙwai da kowane mai gyara ke sokewa a aljihun riga ba abin dogaro ba ne: cikin hasken rana ba a ganin ƙwansa sosai, kuma in mutum yana kan tsanin katako yana iya ƙin kamawa alhali da wuta. Abin gwaji mai baki biyu ake so. Za a fara gwada shi a inda aka san da wuta, a ga yana aiki. Sannan a gwada wayoyin wutar uku tsakaninsu, sau uku ke nan. Kowace da wayar dawowa, sau uku. Kowace da wayar ƙasa, sau uku. Sai wayar dawowa da ta ƙasa, gwaji goma ke nan. Daga nan a koma inda ke da wuta a sake gwada abin gwajin, don kada ya zama ya lalace ne a tsakani shirunsa ya yaudare mu. Ɓangaren sola wutarsa iri dabam ce, mai tafiya hanya ɗaya, sai a tabbatar abin gwajin yana ganin irinta.

Saura rubutu. Wanda ya yi karatun Faransanci ya saba ganin Jiratawa da "Dj" a farko, yana kuma iya karanta "cire" da sautin "s". Shi ya sa na kauce wa kalmar "cire" a wurin umarni, na zaɓi "sauke". Ya dace a sa ajami a ƙarƙashin bokon, da hoton kwaɗo a kan makunni, a kuma rubuta suna da fenti a jikin kowane makunni daidai da yadda allon ya kira shi.

Kafin a buga, a kai allon wurin aiki. A ba mai injin niƙa a Tibiri, da mai kula da famfo a Jiratawa, da yaron mai gyara a Maraɗi, kowa ya karanta ko a karanta masa sau ɗaya. Kada a tambaye shi ko ya gane, don kunya za ta sa ya ce e. A ce masa, "Malam, nuna mini abin da za ka yi." In ya nufi jan maɓalli, ko ya sauke makunni ɗaya ya bar na sola, ko ya sa kwaɗo ya miƙa wa wani makullin, sai a duba jimlar da ta kai shi can, a sake ta, a gwada da wani mutum dabam wanda bai ji ta farkon ba.