YADDA ZA KA RAGE NAUYIN DOGON BIDIYO BA TARE DA HOTON YA DAGARGAJE BA

 Gaisuwa ga masu sauraronmu na Tsiga, Bakori, Funtua, Malumfashi da duk inda muryar nan ta kai. Ga rubutun shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau maganar bidiyo za mu yi. Ka ɗauki taron matasa, ko karatun malam, ko bayanin malamin gona na minti 45, ka duba ka ga fayil ɗin ya haura gigabait 5. Da netwok irin namu, sai ka kwana kana ɗorawa, ya kai kashi 80 ya tsinke. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu tura shi ta WhatsApp don ya rage, mu sauke, sannan mu ɗora. E, yana raguwa, amma fuskar mai magana ta koma kamar an shafa mata kunu. Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma kyauta ce.

Abu ɗaya nake so ka riƙe: nauyin bidiyo ya dogara ne da abu biyu kacal, tsawonsa da kuma bitiret ɗinsa. Bitiret shi ne yawan bayanan da ake kashewa a kan kowane sakan ɗaya na bidiyon, ana auna shi da megabit. Megabit 8 ne ke ba da megabait 1, don haka lissafin shi ne:

```
nauyi (MB) = bitiret (Mbps) × sakan ÷ 8
```

Mu gwada shi da wani aiki da muka yi nan Tsiga bayan girbin masara. Mun ɗauki bayani kan yadda ake adana masara kada ƙwari su cinye ta. Minti 35 ana zaune a inuwa ana magana, minti 10 kuma an zagaya cikin gona da bakin rumbu. An ɗauka da waya a kan 1080p, firam 30 a sakan, kuma wayar tana rubuta kusan megabit 17 a kowane sakan. Minti 45 sakan 2,700 ke nan. Ka ninka 17 sau 2,700, ka raba da 8, zai ba ka kusan megabait 5,700, wato gigabait 5.7. In saurin ɗorawarka megabit 2 ne a sakan, sai ka yi sama da awa 6 kafin ya gama, in ma bai yanke ba.

To me ya sa wayar ke ɓarnar wuri haka? Saboda sauri take yi. Dole ta matse kowane firam nan take yayin da kake ɗauka, ba ta da lokacin tsayawa ta yi nazari. Kamar mai ɗura auduga ne a buhu mota na jiransa, sai ya zuba sama-sama, buhu goma su ɗauki abin da buhu uku za su ɗauka in an danna. Kwamfuta kuwa tana da lokaci. Za ta lura cewa bangon da ke bayan mai magana bai motsa ba tun ɗazu, sai ta ajiye shi sau ɗaya, ta riƙa rubuta abin da ya canja kawai, kamar leɓe da hannu. Nan ne ragin yake fitowa.

Manhajar da nake ba da shawara ita ce HandBrake. Kyauta ce, tana aiki a Windows, Mac da Linux, kuma ba ta buƙatar intanet bayan ka sauke ta. Ba ta da ta waya, sai laftof. In ba ka da shi, wanda ke shagon buga takardu ma zai yi.

Ka buɗe bidiyon da Open Source, ka zaɓi Fast 1080p30 a wajen Preset. A shafin Summary ka bar shi a MP4, ka sa alama a Web Optimized, don bidiyon ya fara wasa tun bai gama sauka ba. Sai ka shiga shafin Video. A wajen Video Encoder ka bar H.264 (x264), domin kusan babu wayar da ba ta buɗe shi. Framerate ka mayar da shi Same as source.

Yanzu ga zuciyar maganar. Za ka ga Constant Quality da wata lamba da ake kira RF. A nan ba ka gaya wa manhajar megabait nawa kake so ba, kyan hoton da kake so kake gaya mata, ita kuma ta kashe bayanai da yawa inda ake motsi, ta yi tsimi inda babu. Lambar a juye take: ƙarama tana nufin hoto mai kyau da fayil mai nauyi, babba tana nufin fayil mara nauyi da hoto mai rauni. Masu HandBrake da kansu sun ba da shawarar 20 zuwa 24 ga bidiyon 1080p. Ka fara da 22. A ƙiyasi, duk lokacin da ka ƙara 6 a lambar, nauyin yana raguwa da kusan rabi.

Ƙasa kaɗan akwai Encoder Preset. Ka ja shi zuwa Slow. Wannan yana ba kwamfutar damar yin dogon nazari, ta matse da kyau. Kuɗinsa lokaci ne. A tsohon laftof, bidiyon minti 45 yana iya cin awa ɗaya ko biyu, don haka ka fara lokacin da akwai wuta ko batir a cike. In wutar ba tabbas, ka bar shi a Medium. A shafin Audio kuma, AAC a kan 128 ya ishi magana. Kada ka matse murya don neman ragi, domin minti 45 ɗin gaba ɗaya muryar ba ta wuce megabait 43 ba. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan rauni, amma da zarar murya ta shaƙe sun wuce.

Kafin ka saki aikin gaba ɗaya, yi gwajin minti ɗaya. A sama akwai Range, ka mayar da shi Seconds, ka zaɓi sakan 60. Kuma ka gwada wuri biyu: inda ake zaune, da inda aka fi motsi.

A namu, kowane minti na asali kusan megabait 127 ne. Da RF 22, mintin da ake zaune ya dawo megabait 15, na cikin gona kuma ya dawo 38. Kun ga bambancin? Lamba ɗaya ce, amma karan masara da ganye suna kaɗawa, kyamara tana tafiya, kowane firam sabo ne. Sai muka lissafa: 35 sau 15 ya ba da 525, 10 sau 38 ya ba da 380. Jimilla megabait 905. Daga gigabait 5.7 zuwa ƙasa da gigabait 1, daga awa 6 zuwa kusan awa 1. Mun gwada RF 28 ma. Nauyin ya sauka kusan rabi, wajen zaman bai nuna komai ba, amma a gona ganyen ya cuɗe, kuma da aka nuna ƙwayar masarar da ƙwaro ya huda, ramin ba ya fitowa sosai. Alhali ramin nan shi ne darasin. Sai muka tsaya a 22.

Ta yaya za ka gane ka wuce gona da iri? Ka buɗe na asali da sabon, ka tsayar da su a sakan ɗaya, ka duba wuri uku. Na farko, ƙananan abubuwa: aikin zaren hula, gemu, rubutun jikin buhun taki. In sun narke sun zama sumul, ka matse da yawa. Na biyu, wajen motsi: in kyamara ta juya ka ga ƙananan murabba'ai suna tashi kamar dara, alama ce. Na uku, sararin sama ko bango mai duhu: maimakon launi ya sauka a hankali, sai ka ga ya yi layi-layi. Ka ga ɗaya daga ciki, rage lambar da 2 ka sake gwadawa. Kuma ka kalla a kan waya, da hasken allo a sama, tunda a nan mutanenka za su kalla.

Ga masu jin daɗin buga umarni, ffmpeg yana yin aikin nan da layi ɗaya, kuma `-crf` ɗinsa shi ne RF ɗin da muka yi bayani:

```
ffmpeg -i taro.mp4 -c:v libx264 -crf 22 -preset slow -c:a aac -b:a 128k -movflags +faststart sabo.mp4
```

Wani zai ce, ni fa waya kawai gare ni. To lissafin bai canja ba. Manhajojin tace bidiyo irin su CapCut da VN suna ba ka damar zaɓen girman hoto, firam da bitiret a wajen fitarwa. In manhajar ta bari ka sa lamba, megabit 5 a 1080p zai mayar da minti 45 kusan gigabait 1.7. In ka sauka zuwa 720p da megabit 2.5, kusan megabait 850 ne, kuma a allon waya ba kowa zai lura ba. Sharaɗin dai ɗaya ne, gwajin minti ɗaya tukuna.

Sai iyakokin abin, don kada a ce ban faɗa ba. Wannan matsi yana zubar da wasu bayanai har abada. Dabarar ita ce a zubar da abin da ido ba ya kamawa. Saboda haka kada ka goge na asali, kuma in za ka sake matsewa, ka koma kansa, ba kan wanda ka riga ka matse ba. Bidiyon da ya zagaya ta WhatsApp kuwa ya riga ya rame, ba abin da HandBrake zai mayar masa.

Sannan YouTube da Facebook za su sake matse duk abin da ka ba su. YouTube ma shawararsa ita ce megabit 8 ga 1080p mai firam 30. Namu ya yi ƙasa da haka, kuma ya wuce lafiya ne saboda yawancinsa zama ne ana magana. In naka ƙwallo ne, ko kilisa, ko taron da ake ta kai-komo, ka sauko RF 20, ka bar musu abin da za su matsa. In kuma wani za ka tura wa ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, yana ɗaukar har gigabait 2 kuma ba ya taɓa hoton.

Na ƙarshe, bidiyon dare. In haske ya yi ƙaranci, hoton yakan cika da ɗigo-ɗigo masu rawa kamar tsaki. Manhajar tana ɗaukarsu a matsayin motsi, ta yi ta kashe bayanai a kansu, sai ka ga fayil ya ƙi raguwa. A shafin Filters akwai Denoise, ka zaɓi NLMeans a kan Light, zai taimaka, sai dai aikin zai ƙara daɗewa. Mafi sauƙi shi ne tun wajen ɗauka ka samu haske, ka kafa wayar a kan abu ta daina rawa. Wayar da ke tsaye cak ita ce ke ba da fayil mafi sauƙin matsewa.

Wanda ya gwada, ya turo mana lamba uku: nauyin farko, RF ɗin da ya sa, da nauyin ƙarshe, mu kwatanta a shiri na gaba.