Sanarwar Neman Ma'aikaci: A Siffanta Aikin Kafin a Siffanta Mutum



Maganata a yau a kan 'yar takardar nan ce da ake mannawa a ƙofar sito, ko a tura ta a WhatsApp, mai cewa ana neman ma'aikaci. Duk wanda ya saba karanta irinta ya san yadda take tafiya: ana neman saurayi mai ƙwazo, mai gaskiya, mai kyan gani, wanda bai wuce shekara 30 ba, albashi sai an zauna. Idan aka duba da kyau, za a ga takardar ta gaya mana jinsin wanda ake so da shekarunsa da fuskarsa, amma ba ta gaya mana abin da zai yi daga safe zuwa yamma ba. Ra'ayina shi ne wannan juyin shi ne tushen matsala guda biyu da muke ɗauka daban suke, wato ɗaukar wanda bai iya aikin ba, da kuma korar wanda ya iya tun kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mai aiki da ya fara rubuta ayyukan filla-filla, sannan ya ciro ƙwarewar da ake bukata daga cikinsu, zai tarar kalmomin wariya sun faɗi da kansu, domin babu aikin da za su rataya a jikinsa.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ɗan kasuwa mai sayar da shinkafa da man girki a sari yana da shago a Zongon Kwatano, sitonsa kuma yana Godomey, yana neman wanda zai riƙe masa siton. Kafin ya rubuta kalma ɗaya a kan mutumin, sai ya zauna ya tambayi kansa me ke faruwa a siton a rana guda. Mota takan zo daga tashar jiragen ruwa, dole wani ya tsaya ya ƙirga buhuna masu kilo 50 da jarkoki masu lita 25 yayin da ake saukewa, ya gwada adadin da abin da ke cikin takardar kaya, ya ware wanda ya yage ko ya jiƙe kafin ya sa hannu. Dole a rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a ranar, kada a bari sai gobe. Kada kaya su fita sai da takardar shago. Ranar Juma'a da safe a ƙirga abin da ke ƙasa a gwada da littafi. Makulli yana hannunsa, shi zai buɗe shi zai rufe. Waɗannan ayyuka biyar su ne kan sanarwar, kuma kowanne ya kamata ya fara da abin da ake aikatawa: ƙirgawa, rubutawa, gwadawa. Jimlar nan ta “da duk wani aikin da maigida ya sa” ita ce ƙofar da ake bi a mayar da mai riƙe sito ɗan aike da mai wankin mota, kuma daga nan rigima take farawa a wata na uku.

Daga ayyukan ne ƙwarewa take fitowa. Mai ƙirga buhuna yana bukatar lissafin tarawa da ɗebewa da ninkawa ba tare da kuskure ba. Mai gwada takardar kaya yana bukatar karanta Faransanci daidai gwargwadon abin da ke cikin rasiɗi, ba sai ya iya rubuta wasiƙar gwamnati ba. Mai hulɗa da 'yan dako da direbobi yana bukatar jin Hausa ko Fon, gwargwadon waɗanda ke aiki a wurin. Idan da kwamfuta ake ajiye lissafi, a rubuta cewa ana so ya iya shigar da adadi a Excel, in kuwa littafi ne, kada a ambaci kwamfuta don burga. A nan ne ya kamata a raba abin da ba makawa sai da shi da abin da in an samu ƙari ne. Babu ko ɗaya cikin ayyukan nan biyar da ke bukatar takardar Bac, saboda haka wanda ya sa ta sharaɗi ya kori yaron da ya yi shekara shida yana riƙe lissafin shago a kasuwar Dantokpa, ya kuma jawo wanda zai bar aikin da zarar ya sami na ofis. Gwajin da ya fi takarda amfani ba ya cin minti goma: a ce masa akwai buhu 120 a sito, mota ta sauke 400, an ware 6 da suka yage, an fitar da 135, nawa ne lafiyayyu suka rage? Wanda ya ce 379 kuma ya iya nuna yadda zai rubuta buhu shidan nan a gefe, ya iya aikin. A faɗi a cikin sanarwar cewa za a yi wannan gwaji, don kowa ya zo da shirinsa.

Yanzu mu koma ga kalmomin da aka saba farawa da su. Dokar ƙwadago ta Jamhuriyar Benin, mai lamba 98-004 ta ranar 27 ga Janairu 1998, ta hana mai aiki a sashe na 4 ya dubi jinsi ko shekaru ko launin fata ko ƙabila ko dangantaka wajen ɗaukar ma'aikaci, sashe na 5 kuma ya ƙara da asalin mutum da addininsa da ra'ayinsa na siyasa da zamansa ɗan ƙungiyar ƙwadago. A shekarar 2017 an kuma yi doka mai lamba 2017-06 da ke kare haƙƙin masu naƙasa. Mu mutanen Zongo ya kamata mu fi kowa riƙe waɗannan sassa da daraja, domin su ne kariyar 'yarmu mai hijabi da ɗanmu mai suna Abdullahi a lokacin da suka je neman aiki a masana'antun Glo-Djigbé ko a wani ofis a cikin gari. Ba zai yiwu mu nemi a yi mana adalci a can, mu kuma rubuta “sai ɗan gida” a ƙofar sitonmu ba.

Na san amsar da ke zuciyar wasu iyayenmu a nan, kuma amsa ce mai nauyi. Za su ce sito amana ne, kayan miliyoyi ne a ciki, kuma tun zamanin fataucin goro kasuwancin zango a kan sanayya ya tsaya: maigida ya san uban yaro, in wani abu ya ɓata an san gidan da za a je. Wannan gaskiya ne, kuma tsarin ya yi aiki shekaru masu yawa. Amma mu lura da abin da maigida yake nema a zahiri. Yana neman wanda za a iya bin sawunsa, wanda wani mai mutunci zai tsaya masa. Wannan ana iya rubuta shi kai tsaye: a kawo sunan mutum biyu da aka taɓa yi wa aiki, da mai tsayawa guda wanda aka san mazauninsa. Ɗan Fon ko ɗan Dendi ko Bayarabe na iya cika wannan sharaɗi, ɗan ɗan'uwa kuma na iya kasa cika shi. Sannan abin da ke tsare kaya shi ne ƙidayar mako-mako da takardar fita, kuma kowa ya san wuyar da ke cikin tuhumar ɗan ƙanenka idan buhu goma sun yi ɓatan dabo.

Haka zancen “namiji” yake. Idan aka tambayi dalili, sai a ce ai akwai ɗaukar kaya. To, a duba jerin ayyukan da muka rubuta: mai riƙe sito ƙirgawa yake yi, 'yan dako ne ke ɗauka. In kuwa lallai zai riƙa ɗaga jarka, a rubuta nauyin da kuma sau nawa a rana, kowa ya auna kansa. Matan da suka yi suna wajen juya manyan kuɗi a Dantokpa sun ishe mu shaida cewa lissafin kaya bai san jinsi ba. Iyakar shekara 30 ita ma yawanci wata bukata ce take ɓoyewa, ko dai ana son mai karɓar ƙaramin albashi, ko mai jure tsayuwa, kuma duka biyun ana iya faɗarsu a fili. “Mai kyan gani” kuwa ba shi da wurin zama a sito ko kaɗan. Kalma ce da ke sa mai ɗingishi ko zabiya ya karanta ya juya, alhali hannunsa da ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. In siton yana da matakala, a faɗi haka, wannan bayani ne da mai nema zai yi amfani da shi.

Wasu za su ce gyara kalmomi ba ya gyara zuciya, mai son ɗaukar namiji zai ɗauke shi ko me aka rubuta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai an gwada abin. A watan Maris na 2019, wani shafin neman aiki na birnin Xiamen a ƙasar Sin ya cire alamar jinsin da ake so daga dukkan sanarwowinsa a dare ɗaya. Masanan tattalin arziki Peter Kuhn da Kailing Shen sun bi abin da ya biyo baya, suka tarar mata sun ƙaru cikin masu neman ayyukan da a da ake ce na maza ne, maza ma haka a ɗaya ɓangaren, kuma masu ɗaukar aikin sun ƙara kiran waɗannan sababbin masu nema. Ma'anar wannan ita ce da yawa daga masu rubuta “namiji” al'ada ce kawai suke bi, idan takardar mace ƙwararriya ta iso gabansu sukan duba ta.

Saura zancen kuɗi, wanda shi ne aka fi ɓoyewa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 52,000 ne a wata tun daga 1 ga Janairu 2023, lokacin aiki na doka kuma awa 40 ne a mako. Mai sitonmu na iya rubuta cewa aiki daga Litinin zuwa Juma'a ne, ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 5 da hutun awa ɗaya, da damar zuwa masallacin Juma'a ga mai zuwa, aikin Asabar kuma da ƙarin kuɗinsa. Ya rubuta albashin daga kaza zuwa kaza, misali sefa 75,000 zuwa 90,000 gwargwadon gogewa, ya faɗi tsawon lokacin gwaji, ya faɗi cewa za a yi wa ma'aikaci rajista a CNSS. Ɗan kasuwa zai ce ciniki ba a fara shi da bayyana farashi. A wajen sayen shinkafa haka ne, amma a nan “sai an zauna” yana nufin wanda ya fi matsuwa shi zai karɓi mafi ƙanƙanta, kuma mutum biyu masu aiki iri ɗaya su tashi da albashi daban. Ban da haka, wanda ke zaune a Akpakpa yana bukatar sanin ko kuɗin zai ɗauki nauyin hawan zemijan zuwa Godomey kullum, kafin ya ɓata ranarsa da ta mai aikin.

Abu na ƙarshe shi ne yadda sanarwar za ta isa ga mutane. Wadda aka rubuta da Faransanci kaɗai aka tura wa abokan maigida a waya ba ta wuce da'irar da aka saba ba. A rubuta ta da Faransanci, a naɗi muryarta da Hausa da Fon, a manna ta a ƙofar sito, a kai kwafi ofishin ANPE. A sa ranar rufewa, a bayar da aƙalla mako biyu. A nemi takardu kaɗan a matakin farko, ba hoto, ba tarin takardun da sai an biya kuɗin hatimi, waɗannan sai a bari har a zaɓi mutum. A kuma rubuta ƙarara cewa ba a biyan ko dala ɗaya don neman wannan aiki, domin masu damfarar matasa da sanarwar ƙarya da kuɗin cike takarda suke farawa.